Wani kamfani na bina bashin da na riga na biya: yaya zan musanta, kuma wace hujja zan nema?

Tambaya: Ni malamin firamare ne a Bauchi. A 2022 na ci bashin naira 300,000 a wani ƙaramin banki, aka ce in riƙa biyan 34,000 duk wata har wata 12. Wata goma an cire daga albashina, na wata biyun ƙarshe kuma na tura wa jami'in bankin da ke kula da mu ta asusun da ya ba ni. Yanzu, bayan shekara biyu da rabi da gamawa, wani kamfani da ban taɓa jin sunansa ba yana kirana, wai bankin ya ba shi aikin karɓo naira 215,000 a hannuna. Sun ce in tura ko 20,000 ce a sassauta mini, idan ba haka ba za su zo makarantarmu da 'yan sanda. Me ya kamata in yi?

Amsa: Malam, kada ka tura wannan 20,000, kuma kada ka rubuta musu wani saƙo da ke ɗauke da kalmomi irin su "ku yi haƙuri zan biya" ko "ku ba ni lokaci". Wanda ya biya wani ɓangare na bashi, ko ya nemi a ɗaga masa ƙafa a rubuce, ya miƙa wa mai binsa hujja mai ƙarfi cewa ya yarda akwai bashin, kuma idan magana ta kai gaban alƙali zai yi wuya ya bayyana dalilin da ya sa ya biya abin da yake cewa ba a binsa. Akwai kuma illa ta biyu. Dokokin jihohi sun ƙayyade wa'adin da mai bin bashi zai iya shigar da ƙara a kotun gama-gari, shekara shida a jihohi da dama, biyar a wasu, kuma biyan wani abu ko amincewa a rubuce yakan sa a fara ƙirga wa'adin daga farko. A naka lamarin wa'adin bai cika ba, don haka ba zai zama kariyarka ba, amma babu dalilin da zai sa ka sabunta musu shi da hannunka. Masu wannan aiki sun san duk wannan sarai, shi ya sa suke fara neman kuɗi kaɗan wanda mutum zai ga kamar sayen zaman lafiya ne.

Nauyin kawo hujja yana kansu, ba a kanka ba. Sashe na 131 na Dokar Shaida ta 2011 ya ɗora wa wanda ya yi iƙirari nauyin tabbatar da shi, kuma wannan ƙa'ida ba baƙuwa ba ce a wurinmu, domin a kotunan Shari'a ma hujja tana kan mai da'awa, rantsuwa kuma kan wanda ya musanta. Sai dai akwai wani gefe da ya kamata ka sani tun yanzu: tun da ba ka musanta cewa ka karɓi rancen ba, abin da kake cewa shi ne ka biya, to tabbatar da biyan zai dawo kanka. Zan dawo kan wannan, domin nan ne lamarinka yake da rauni.

Abu na farko da za a warware shi ne ko wane ne wannan kamfanin. Ba ka taɓa ƙulla wata yarjejeniya da su ba, saboda haka hanya biyu ce kawai za ta ba su ikon tunkarar ka. Ko dai bankin ya ɗauke su a matsayin wakilai su karɓo masa kuɗinsa, ko kuma ya sayar musu da bashin gaba ɗaya. Idan wakilai ne, dole akwai takardar da bankin ya naɗa su da ita, kuma kuɗin da za a biya na banki ne, asusun banki ya kamata ya shiga. Idan sayen bashin suka yi, akwai takardar miƙa bashi, kuma ƙa'ida ita ce a sanar da wanda ake bi a rubuce cewa bashinsa ya koma hannun wani. Akwai kuma hanya ta uku wadda ba ta ba su ikon komai, wato bayanan masu rance sun fita daga banki ta hannun wani ma'aikaci, wasu suka samu suna kiran mutane da sunan karɓo bashi. Alamar da ta fi saurin tona irin waɗannan ita ce asusun da suke ba da lambarsa: idan ka sa lambar a manhajar bankinka sunan mutum ya fito maimakon sunan banki ko na kamfani, ka tsaya nan. Idan sun sake kira, ka nemi cikakken sunan kamfanin, lambar rajistarsa ta Hukumar Rajistar Kamfanoni wato CAC, adireshin ofishinsu da na imel, da sunan mai magana. Ana iya duba sunan kamfani kyauta a shafin hukumar. Bayan haka ka ce musu ka musanta bashin, kuma daga yau a rubuce za ku yi magana. Kada ka tsaya jayayyar lissafi a waya.

Za ka iya cin karo da samfurin wasiƙu a intanet da ke cewa kana da kwana 30 ka nemi hujja, kuma dole mai karɓo bashi ya dakata har sai ya kawo ta. Wannan tanadi ne na dokar Amurka ta 1977, kuma ba ya aiki a Najeriya. Na ga mutane sun kwafo irin waɗannan wasiƙu har da sunan dokar Amurkan a ciki, abin da kawai yake nuna wa wanda aka aika wa cewa marubucin bai san inda ya dosa ba. Abin da za ka dogara da shi a nan shi ne Ƙa'idojin Kare Abokan Hulɗa da Babban Bankin Najeriya ya fitar a 2019, waɗanda suka shafi ƙananan bankuna kamar yadda suka shafi manya. A cikinsu an wajabta wa banki ya sanar da abokin hulɗarsa abin da ake binsa kafin a fara matakin karɓo bashi, kuma an ɗora wa bankin alhakin abin da wakilansa suka aikata. Wannan na biyun shi ya sa wasiƙarka za ta tafi wuri biyu, kamfanin da kuma bankin, kuma a ganina ta bankin ta fi muhimmanci, domin shi ne yake da lasisin da zai ji tsoron a taɓa.

Wasiƙar ba ta bukatar tsawo, shafi ɗaya ya isa, kuma ba sai lauya ya rubuta ta ba, ko da yake ya fi sauƙi a yi ta da Turanci saboda da shi waɗannan ofisoshi suke aiki. Bayan kwanan wata da sunanka da lambar asusun rancen, abin da za ta ƙunsa ba zai wuce wannan ba: "A rana kaza wakilinku ya kira ni yana neman naira 215,000 da sunan banki kaza. Na musanta cewa ana bina wannan kuɗi ko wani ɓangare nasa, kuma babu abin da ke cikin wannan wasiƙa da za a ɗauka a matsayin amincewa da bashi. Ina neman a ba ni waɗannan takardu cikin kwana 14." Daga nan sai ka jero su: kwafin takardar tayin rance da yarjejeniyar da ka sa wa hannu, cikakken bayanin asusun rancen tun daga ranar da aka ba ka kuɗin har zuwa yau, lissafin da ya rarrabe uwar kuɗi da kuɗin ruwa da tara da duk wani caji, takardar da ta ba kamfanin ikon karɓa, da kwafin sanarwar da bankin ya ce ya aiko maka kafin ya miƙa musu sunanka. Ka rufe da neman su dakatar da kira da tuntuɓar wurin aikinka har sai an warware, kuma kada a kai sunanka ga hukumomin adana tarihin bashi a matsayin wanda ya ƙi biya alhali ana jayayya. Kwana 14 ɗin kai ne ka sa shi, ba doka ce ta yanke wa kamfanin ba, amma wa'adi ne mai ma'ana wanda duk wanda ya karanta takardun daga baya zai ga ka yi adalci.

Wasu sukan rubuta "Without Prejudice" a saman irin wannan wasiƙa saboda sun ji ana cewa tana kare mutum. Kada ka sa. Amfanin wannan rubutu shi ne hana a gabatar da takardar a kotu idan an yi ta ne a cikin neman sulhu, kai kuwa so kake wannan wasiƙa ta zama shaidarka cewa ka musanta tun da wuri. Inda za ka bukace shi shi ne nan gaba, idan har ka yanke shawarar yin tayin biyan wani abu don a rufe magana.

Yadda za ka kai wasiƙar ya kai abin da ke cikinta muhimmanci. Ka buga kwafi biyu, ka kai reshen bankin da kanka, ka sa a buga hatimin karɓa da kwanan wata da sa hannu a kan kwafinka, sannan ka nemi lambar ƙorafi, domin ana bukatar banki ya ba duk mai ƙorafi lambar da zai bi diddigi da ita. Idan suka ƙi karɓa, abin da yakan faru, ka aika ta kamfanin aika saƙo ko gidan waya mai rajista, ka adana rasit, ka kuma tura ta imel a ranar. Kamfanin karɓo bashin, wanda mai yiwuwa ofishinsa ba a Bauchi yake ba, imel da aikawa sun wadatar masa. Saƙon WhatsApp ƙari ne kawai, kada ya zama shi kaɗai ne hanyarka.

Yanzu mu duba lissafin, domin idan takardun suka zo ka san abin da za ka nema a cikinsu. Naira 34,000 sau 12 ta kama 408,000, wato an ɗora ruwan 108,000 a kan 300,000, kashi 3 cikin 100 na uwar kuɗin kowane wata. Cirewa goma daga albashi ta kama 340,000, saura 68,000, kuma kusan tabbas wannan 68,000 ce littafin bankin yake nunawa ba a biya ba. Mu ƙaddara, don lissafi kawai, cewa bankin yana da gaskiya. Jadawalin cajin bankuna na Babban Banki na 2020 ya taƙaita tarar jinkiri a kashi 1 cikin 100 na abin da ba a biya ba a kowane wata, ban da kuɗin ruwan da ke ci gaba da hawa. Kashi 1 na 68,000 shi ne 680, a wata 30 ya zama 20,400. Idan aka ci gaba da ɗora ruwan kashi 3 a kan 68,000 ɗin, 2,040 ke nan a wata, a wata 30 ya zama 61,200. Idan ka haɗa duka uku za ka samu 149,600. Wannan lissafi ne na sama-sama, ba a ɗora ruwa a kan ruwa ba, kuma yarjejeniyarka ce za ta faɗi ainihin yadda ake yi, amma ya nuna cewa ko da komai ya tafi yadda suke so, akwai naira 65,400 da sai sun faɗi inda ta fito. Sau da yawa irin wannan rarar ladan kamfanin karɓo bashi ne aka lafta wa wanda ake bi, ko tara ce da ta wuce ƙa'ida. Ladan wakili tsakaninsa da wanda ya ɗauke shi aiki ne, kuma idan suna son ɗora maka shi, sai su nuna layin da ka amince da hakan a takardar da ka sa wa hannu.

Sai maganar wata biyun da ka tura wa jami'i, wadda a kanta lamarin zai tsaya ko ya faɗi. Kafin ka jira amsarsu, ka je bankin da ka tura kuɗin daga cikinsa ka nemi bayanin asusunka na waɗannan watanni biyu mai hatimi, wanda zai nuna ranar, adadin, da sunan wanda ya karɓa. Idan ta wurin mai POS ka tura, abin ya fi wuya, domin rasit ɗinsu yakan goge cikin 'yan watanni kuma sunanka ba ya fitowa a matsayin mai turawa, amma cirar da aka yi daga katinka a ranar za ta bayyana. Ka bincika tsohuwar wayarka ko akwai saƙon da jami'in ya turo maka lambar asusun, ko inda ya ce ya gani. Ka kuma tambayi abokan aikinka da kuka ci rancen tare, domin jami'in da ya karɓi kuɗi ta asusunsa daga mutum ɗaya da wuya a ce a kansa kaɗai ya tsaya, kuma malamai biyar masu labari iri ɗaya da takardu iri ɗaya sun fi ƙarfin a ce musu ƙarya suke yi.

Idan sunan bankin ne a kan asusun, to kuskuren shigar da lissafi ne, kuma kwafin bayanin asusunka zai kashe maganar. Idan kuwa sunan jami'in ne, bankin zai ce bai karɓi komai ba, kuma zai nemo sharaɗin da ke cewa a asusun banki kaɗai ake biya. Amsarka ita ce bankin ne ya turo wannan mutum, shi ya cika maka takardu, shi yake bin ku, kuma doka tana iya ɗaure mai gida da abin da ma'aikacinsa ya yi a cikin aikin da aka san shi da shi, ko da ma'aikacin ya ci amana. Wannan hujja ce mai kyau, amma ba zan ce maka tabbas za ta yi nasara ba, musamman idan an rubuta wancan sharaɗi ƙarara a takardar da ka sa wa hannu. Abin da na fi gani a aikace shi ne, idan mutum ya zo da shaidar turawa mai sunan ma'aikacin banki, bankin yakan gwammace a daidaita a cikin gida a kan maganar ta kai Babban Banki. A wasiƙar farko ba sai ka zayyana duk wannan ba. Ka bari su fara kawo nasu lissafin, sannan ka amsa da wasiƙa ta biyu haɗe da kwafin shaidarka, ainihin takardun kuma su zauna a hannunka.

Barazanar 'yan sanda ba ta da tushe. Sashe na 32 na Dokar 'Yan Sanda ta 2020 ya hana kama mutum a kan abin da bai wuce saɓa yarjejeniya ba, kuma kotunan ƙasar nan sun sha nanata cewa 'yan sanda ba masu karɓo bashi ba ne. Idan duk da haka aka gayyace ka ofishinsu, ka je tare da lauya ko wani dattijo mai mutunci da kwafin wasiƙarka mai hatimi, kuma kada ka sa hannu a takardar alƙawarin biya, domin ita ce ainihin abin da ake kai mutane can don a samu. Zuwa makarantarku kuma, ƙa'idojin 2019 ɗin sun hana a tuntuɓi abokai, dangi, maƙwabta ko wurin aikin mutum sai don sanin adireshinsa, lambar wayarsa ko yana nan a bakin aiki, sai fa wanda ya tsaya masa a rancen ko ya yarda a tuntuɓe shi. Sun kuma hana kira tsakanin ƙarfe 9 na dare da 8 na safe. Ka riƙa ɗaukar hoton duk saƙon barazana, ka rubuta rana da lokacin kowane kira. Idan suka yaɗa sunanka ko hotonka ga mutanen da ke cikin wayarka, wannan ya shiga hurumin Dokar Kare Bayanai ta 2023, kuma hukumar kare bayanai ta ƙasa wato NDPC ce take karɓar ƙorafinsa.

Idan wa'adi ya wuce ba amsa, ko aka turo maka jimla kawai ba tare da takardu ba, sai ka ɗaukaka ƙorafin zuwa Sashen Kare Abokan Hulɗa na Babban Banki ta `cpd@cbn.gov.ng`, ko ka kai takarda reshensu na Bauchi. Tsarin shi ne sai an fara ba banki dama, mako biyu ga yawancin ƙorafe-ƙorafe, kwana 30 ga waɗanda suka shafi rance da cajin da ya wuce kima, saboda haka a naka ka ƙirga kwana 30 daga ranar hatimi. Ka haɗa da lambar ƙorafi da kwafin duk abin da ya gudana. Da manhajar rance ta waya ce ba banki mai lasisi ba, hukumar kare masu saye wato FCCPC ce ta fi dacewa.

A cikin wannan jiran ka nemi rahoton tarihin bashinka daga ɗaya daga cikin kamfanoni uku masu lasisi, CRC, FirstCentral da CreditRegistry. Dokar 2017 da ta tsara aikinsu ta ba ka damar samun rahoto ɗaya kyauta a shekara, da damar ƙalubalantar bayanin da ba daidai ba. Idan ka tarar an rubuta rancen a matsayin wanda ba a biya ba, ka shigar da ƙorafi a can ma, domin wannan rubutu ne zai hana ka rance a wani banki ba tare da an gaya maka dalili ba. Idan kuwa rahoton ya nuna bankin da kansa ya rufe rancen, ka sami hujjar da ta fi kowace ƙarfi. Ka kuma duba ko a cikin takardun da ka sa wa hannu akwai ta GSI, tsarin da ya fara aiki a Agusta 2020 wanda yake ba mai ba da rance damar cire kuɗi daga sauran asusunka da ke haɗe da BVN. Uwar kuɗi da ruwan da ya taru kawai aka yarda a cira ta wannan hanya, ban da tara, kuma idan aka cire maka a kan bashin da ka riga ka musanta a rubuce, ka sanar da Babban Banki nan take.

Abu ɗaya ne ba a yin shiru a kansa, shi ne sammacin kotu na gaske. Masu karɓo bashi sukan turo hoton takarda mai kama da sammaci ta waya don tsoratarwa, amma na gaske yana da sunan kotu, lambar ƙara, hatimi da ranar zama, kuma za ka iya zuwa wurin magatakardar kotun ka tabbatar. Ƙararrakin neman ƙayyadadden kuɗi suna da hanya ta gaggawa wadda idan wanda ake ƙara bai shigar da takardar kariya cikin 'yan kwanakin da aka ba shi ba, alƙali zai iya yanke hukunci ba tare da jin ta bakinsa ba. Ranar da sammaci ya zo hannunka ka kai wa lauya, idan kuma babu hali, Hukumar Taimakon Shari'a ta ƙasa tana da ofishi a jihar.

Idan bayan an baje takardu ya tabbata akwai wani abu da ya rage a kanka, ka biya shi a asusun bankin mai sunan bankin, bayan an rubuta maka adadin da aka amince a kai a takarda mai kan banki, tare da cewa wannan biya ya rufe rancen gaba ɗaya. Bayan biya ka karɓi takardar shaidar cewa ba a binka komai, ka kuma nemi bankin ya gyara bayaninka a wurin masu adana tarihin bashi. Ko da an gano ba a binka ko kwabo, ka nemi wannan takardar, sannan bayan wata biyu ko uku ka sake duba rahotonka ka ga ko an gyara.